Tace takardar jarrabawar gwaji ta Hausa kafin a kai ta bugu

Sabon shugaban sashe:
Assalamu alaikum malamai. A wannan zangon aka ɗora mini shugabancin sashen harsuna a makarantarmu, kuma aikin farko da ya faɗo mini shi ne tace takardar jarrabawar gwaji ta Hausa da 'yan aji uku na babbar sakandare za su rubuta kafin su shiga WAEC da NECO. Malamin da ya tsara takardar ya girme ni a shekaru da aiki, ya kuma kawo mini ita da amsoshinta a rubuce, tambayoyin zaɓi sittin da ɓangaren insha'i da na rubutun amsa. Na karanta ta sau biyu, na gyara kurakuran rubutu 'yan kaɗan, amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin na ga kamar tambayoyin tsarin sauti da na sana'o'in gargajiya sun yi yawa, kuma akwai tambaya ɗaya da na tsaya a kanta na kasa wucewa. Ga ta: "Wasula nawa ne a Hausa? A. 5 B. 10 C. 12 D. 13." Amsar da aka sa wa alama ita ce A. Ina neman waɗanda suka daɗe a wannan aiki su nuna mini ta inda ake farawa, da abin da ake dubawa, domin kada in sa hannu a kan takardar da za ta cuci yara.

Tsohon mai duba takardu:
Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin mu zo kan wasula, akwai abu ɗaya da ka yi wanda ya rage maka gani, wato ka karɓi takardar tare da amsoshinta. Duk wanda ya ga amsa kafin ya karanta tambaya, idonsa zai riƙa bin hanyar da mai tambayar ya bi, sai ya ga komai a sarari ko da kuwa ba a sarari yake ba. Abin da nake yi shi ne in sa amsoshin a aljihun tebur, in zauna da takardar da fensir da agogo kamar ɗalibi, in amsa ta daga farko zuwa ƙarshe. Duk inda na yi jinkiri, ko na koma na sake karanta tambaya, sai in ɗiga alama a gefe ko da daga baya na samo amsar, domin jinkirin malami shaida ce cewa yaro zai yi tuntuɓe a wurin. Bayan na gama ne nake ciro amsoshin in gwada da nawa. Inda muka saɓa da mai takardar, ɗayan abu uku ne: ko ni na yi kuskure, ko shi ya yi kuskure a alamar amsa, ko kuma tambayar ce take ɗauke da amsa fiye da ɗaya. Tun da kai ka riga ka ga amsoshin, nemi wani malamin Hausa da bai gan su ba ya yi maka wannan zaman a gabanka.

Tambayar wasula kuwa, ka yi daidai da ka tsaya a kanta, domin kowane zaɓi daga cikin huɗun yana da mai kare shi. Idan ana nufin haruffan da muke rubutawa, biyar ne. Idan aka raba gajeru da dogaye, goma ne. Idan aka ƙara tagwayen wasula ai da au, sha biyu ke nan, kuma akwai littattafan da suke ƙara ui su kai sha uku. Ina kyautata zaton cewa daga waɗannan lissafe-lissafen ne mai takardar ya ɗebo zaɓuɓɓukansa, yana ganin ya samu masu ruɗarwa na ƙwarai, alhali ya jera amsoshi huɗu ne masu hujja. Wanda wannan tambaya za ta kayar shi ne yaron da ya yi karatu sosai, ba wanda ya tsaya a kan a, e, i, o, u na firamare ba. Gyaranta ba wuya: a ce "Gajerun wasula nawa ne a Hausa?", ko kuma a bar batun ƙidaya gaba ɗaya a ce "A wace kalma ce aka samu tagwan wasali?" a jera kalmomi huɗu da ɗaya kawai take da shi.

Malamar adabi:
Ranka ya daɗe, na yarda da kai a kan wasula, kuma ina so in ƙara cewa a darasin Hausa yawancin harshen damo yana shigowa ta ƙofa biyu da muka saba da su har ba ma ganinsu. Ta farko ita ce rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Idan aka rubuta "Mece ce ma'anar fari?" ba tare da jumla ba, yaro ɗaya zai fahimci launi, wani zai fahimci ƙarancin ruwan sama, wani farkon abu, wani kuma jam'in fara. Haka "gari", ko na zama ko na tuwo. Duk kalmar da za a tambayi ma'anarta ko ajinta a nahawu, ni ba na yarda ta tsaya ita kaɗai, sai an sa ta cikin jumla an ja mata layi. Ƙofa ta biyu ita ce jam'i. Na taɓa ganin tambayar da ta ce a zaɓi jam'in doki, aka sa dawaki da dawakai a zaɓi daban-daban, kuma dukansu Hausa ne ingantacciya. Rami ma haka, akwai ramuka akwai ramummuka. Idan ajinka ya haɗa 'yan Sakkwato da 'yan Kano da 'yan Zariya, abin da kake ganin kuskure ne ƙwarai da za ka sa a matsayin mai ruɗarwa, wataƙila shi ne abin da yaro yake ji a bakin mahaifiyarsa kullum. Idan Daidaitacciyar Hausa kake nufi, to rubuta hakan a cikin tambayar.

Jami'in jarrabawa na wata makaranta:
Ni a nawa ganin babbar matsalar ba ta tambayoyi ba ce, ta tsaro ce. Yanzu an ce a nemo wani malami ya zauna ya amsa takarda, gobe a ce a nuna wa na uku, to kafin ranar jarrabawa rabin gari ya san abin da zai fito. A wurinmu an taɓa samun takardar gwaji a wayoyin ɗalibai kwana biyu kafin a rubuta ta, sai da aka soke aka sake tsara wata cikin dare ɗaya, kuma wadda aka yi cikin gaggawar ta fi ta farko yawan kurakurai. Tun daga lokacin muka taƙaita hannun da takarda take bi.

Tsohon mai duba takardu:
Malam, damuwarka gaskiya ce, amma ba ita aka tambaya ba, kuma ba ta hana abin da muke magana a kai. Mutum biyu sun isa tace takarda, a ofis ɗaya, a kwafi ɗaya na takarda ba na waya ba, kowa ya ajiye wayarsa a waje, a gama a kulle. Labarin da ka ba mu ma yana nuna cewa takardar da ido ɗaya ya gani ita ta fi cika da kurakurai.

Bari in koma kan abin da shugaban sashe ya ce yana ji a ransa, cewa wasu fannoni sun yi yawa. Wannan ba a barinsa a matsayin ji, ƙidaya shi ake yi. Ɗauki farar takarda ka ja layuka, a hagu ka jera batutuwan manhaja ɗaya bayan ɗaya ƙarƙashin manyan rassa uku, harshe da adabi da al'ada, sannan a gaban kowane batu ka rubuta makonni nawa aka ware masa a tsarin koyarwa. Daga nan ka bi tambayoyin sittin ɗaya ɗaya, kowacce ka rubuta lambarta a gaban batun da take aunawa. Kada ka duba kan tambayar kawai, duba abin da yaro yake bukatar sani kafin ya amsa. Tambayar da ta kawo karin magana ta ce a nuna aikatau a cikinta ta nahawu ce, ba ta adabin baka ba ce, ko da yake mai takardar zai iya lissafa ta a adabi. Idan ka gama, kawo mana abin da ka samu.

Sabon shugaban sashe:
Na yi yadda ka ce, ranka ya daɗe, kuma abin da ya fito ya fi abin da na zata. A tsarin koyarwarmu na wannan aji, idan na haɗa makonnin da jarrabawar ta shafa, talatin ne: sha huɗu na harshe, goma na adabi, shida na al'ada. Tun da tambayoyi sittin ne, kowane mako ya cancanci tambaya biyu ke nan, wato ya kamata harshe ya samu 28, adabi 20, al'ada 12. Abin da na tarar a takardar shi ne harshe 31, al'ada 21, adabi 8 kacal. A cikin na harshen, goma sha uku duk tsarin sauti ne, ginin jumla yana da biyu, fassara ba ta da ko ɗaya. A al'ada, tara daga cikin ashirin da ɗayan sana'o'i ne, ƙira da jima da rini da saƙa, babu komai a kan sarautu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne adabi: shida na adabin baka ne, biyu na littafin zube, ba a taɓa rubutacciyar waƙa ba, ba a taɓa wasan kwaikwayo ba, ga shi kuwa duka suna cikin littattafan da aka wajabta wa yaran. Da ido kawai na karanta sau biyu ban lura cewa babu waƙa ba, domin abin da babu shi ba ya tsaya maka a shafi.

Malamar adabi:
Wannan giɓin na san shi sosai, kuma ba na jin ganganci ne. Tambayar zaɓi a kan sana'a tana fitowa cikin minti ɗaya, amma kafin ka fitar da tambaya mai kyau a kan rubutacciyar waƙa sai ka buɗe littafin, ka zaɓi baiti, ka tabbatar da amsa-amonsa da yawan layukansa da jigonsa, ka kuma nemo zaɓuɓɓuka uku da suke kama da gaskiya amma ba ita ba ce. Malami mai azuzuwa shida da ya zauna da daddare zai gangara ne inda ƙasa ta fi laushi. Sai dai akwai tambayar da ya kamata ka yi wa malamin cikin ladabi kafin ka ce a ƙara komai: shin an koyar da waƙar da wasan kwaikwayon kuwa? Ka duba littafin da ake rubuta aikin mako-mako, sannan ka karɓi littattafan rubutu na ɗalibai uku ko huɗu ka gwada, domin wani lokaci abin da aka rubuta an koyar da abin da ke cikin littafin yara ba sa haɗuwa. Idan ba a koyar ba, ni ban ga adalci a tambayi yaro abin da bai taɓa ji a aji ba.

Malamin lissafi:
Malama, a nan zan saɓa miki kaɗan. Da jarrabawar ƙarshen zango ce da na bi bayanki, domin ita tana auna abin da aka koyar ne. Amma wannan gwaji ne na jarrabawar waje, kuma masu tsara ta ba za su tambayi inda malaminmu ya tsaya ba. Idan muka cire waƙa domin ba a koyar ba, yaro zai samu saba'in a gwaji ya saki jiki, iyayensa su saki jiki, sai ranar gaskiya ta zo ya tarar da shafi guda da bai san ta inda zai kama ba. Gara ya faɗi a hannunmu yanzu da sauran lokaci.

Game da wahala kuwa, ni hanyata mai sauƙi ce. Ina bin matakan tunani na masanin ilimi Bloom da aka wallafa a 1956. Tambayar tuna abu ita ce mai sauƙi, ta fahimta da aiki da abin da aka koya ita ce matsakaiciya, ta nazari da yanke hukunci ita ce mai wuya. Sai in raba su, misali kashi talatin, kashi hamsin, kashi ashirin, in jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya, shi ke nan an samu daidaito.

Tsohon mai duba takardu:
Rabon da ka kawo yana da amfani, Malam, kuma ina ba da shawarar shugaban sashe ya ƙara shi a saman jadawalinsa, domin zai iya tarar da cewa hamsin daga cikin sittin ɗin duk haddar suna ce. Amma matakin tunani da wahala ba abu ɗaya ba ne, kuma haɗa su yana ɓatar da mutane da yawa. Idan na tambayi yaron birni sunan wani ƙaramin kayan aikin majemi da aka ambata sau ɗaya a aji, tambayar tuna abu ce tsantsa, amma za ta iya kayar da kusan kowa. Idan kuma na ba shi ɗan gajeren labari na ce ya zaɓi karin maganar da ta dace da shi, wannan aiki ne da fahimta, amma yawancin yaran da suka tashi cikin Hausa za su ci. Wahalar tambaya ba ta tabbata sai a takardun yara, kafin nan duk hasashe muke yi, kuma hasashen malamai yakan karkata wajen ganin tambayoyinsu sun fi sauƙi fiye da yadda suke.

Kai da kake malamin lissafi za ka ji daɗin wannan. Shekarun baya na bi diddigin wata tambaya irin wannan ta wasula sak, a ajin ɗalibai 74. Talatin da takwas suka zaɓi biyar, wadda ita aka sa wa alama, wato kusan rabin aji. Wanda ya tsaya a nan zai ce tambaya ce matsakaiciya mai kyau. Sai na jera takardun bisa jimillar maki, na ware kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa kamar yadda aka saba, wanda ya ba ni takardu ashirin ashirin. A cikin ashirin na sama, shida ne kawai suka zaɓi biyar, sha ɗaya suka zaɓi sha biyu, uku suka zaɓi goma. A cikin ashirin na ƙasa kuwa, sha uku suka zaɓi biyar. Idan ka debe sha uku daga shida ka raba da ashirin, za ka samu 0.35 ƙasa da sifili. Tambaya mai lafiya ana son wannan adadi ya zama sama da sifili sosai, daga 0.3 zuwa sama, wanda bai kai 0.2 ba kuma a sake duba shi. Idan ya faɗa ƙasa da sifili, ma'anarsa raunana sun fi ƙwararru cin tambayar, kuma kusan kullum ko alamar amsa ce ba daidai ba ko tambayar tana da fuska biyu. Abin lura shi ne inda ƙwararrun suka taru. Da sun warwatsu daidai wa daida a kan zaɓuɓɓukan da sai in ce ba su sani ba ne, amma taruwar sha ɗaya a wuri guda tana cewa sun san wani abu da mai tambayar bai yi la'akari da shi ba.

Sai dai kada a ɗora wa wannan lissafi abin da ba zai iya ɗauka ba. A ajin yara ashirin da biyar, rukunin sama bai wuce bakwai ba, yaro ɗaya ya canza amsa adadin ya yi tsalle. Kuma ba ya aiki sai bayan an rubuta jarrabawa, don haka amfaninsa ga shugaban sashe a yau shi ne ya nemo takardun gwajin bara idan suna nan a ma'ajiya, domin malamai sukan maimaita tambayoyi.

Malami daga Maraɗi:
Ina biye da ku daga wannan gefen iyaka, kuma ina da abu guda da ya same ni wanda ban ji an ambata ba. Na taɓa tsara tambaya a kan bambancin kafa da ƙafa, da baki da baƙi, na tace ta da kyau a kwamfutata. Da aka kai wurin bugu, na'urarsu ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi, sai duk haruffa masu lanƙwasa suka koma ƙananan akwatuna. Mai bugun ya ga abin bai yi kyau ba, ya bi su ɗaya ɗaya ya mayar da su k da b da d, da niyyar taimako. Ranar jarrabawa yara suka buɗe takarda suka ga an ce su bambanta kafa da kafa. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta nuna mini da bakin alƙalaminta, na tsaya ina kallon layin, sannan na je allo na sake rubuta tambayoyi huɗu da alli, amma ɗaya ajin da ke can ƙarshen ginin sai da suka yi kusan rabin awa kafin gyaran ya kai gare su. Saboda haka takardar da ya kamata a sa wa hannu ita ce kwafin farko da ya fito daga injin bugu, ba wadda ke cikin kwamfuta ba.

Malamar adabi:
Allah ya saka da alheri, Malam, wannan ya faru da da yawa daga cikinmu. Akwai kuma kishiyar harshen damo, wato tambayar da take tona amsarta da kanta, kuma a Hausa jinsi ne yake yawan yin wannan. Misali a ce: "Maƙeri yana kama ƙarfe mai zafi da shi. Shi ne: A. guduma B. masaba C. awartaki D. uwar maƙera." Yaron da bai taɓa leƙa maƙera ba zai ci, domin uku mata ne, ɗaya ne kawai za a ce wa "shi". Tun da takardarku tana da tambayoyin sana'a har tara, ina ba ka shawara ka bi su da wannan ido. Ka kuma duba ko amsar gaskiya ta fi sauran tsawo a kai a kai, da ko wani harafi ɗaya ya kwashe yawancin amsoshi, da ko wata tambaya a gaba ta ba da amsar wata a baya.

Amma inda rashin daidaiton wahala ya fi yin ɓarna a wurina shi ne inda aka ba da zaɓi, musamman insha'i. Idan aka ce a zaɓi ɗaya, kuma kowanne makinsa ɗaya ne, to an yi alƙawari ke nan cewa nauyinsu ɗaya ne. Na ga takardar da ta haɗa wasiƙa zuwa ga aboki da bayanin yadda ake rini a marina daki-daki. Na farkon kowa yana da abin cewa, na biyun kuwa sai wanda ya tashi kusa da karofi, don haka ba iya rubutu ake aunawa ba, unguwar da aka haifi yaro ake aunawa. Hanyar da nake gwadawa ita ce in rubuta ƙwarangwal ɗin amsar kowane zaɓi da jadawalin makinsa kafin in amince. Idan na samu maki shida a ɗaya cikin minti biyu, ɗayan kuma na yi ta lalube, to ba sa'o'in juna ba ne.

Sabon shugaban sashe:
Na gode muku ƙwarai. Ga inda aka kwana. Wata malama da ba ta ga amsoshin ba ta zauna ta amsa tambayoyin zaɓin a ofishina, ta gama cikin minti ashirin da biyu, ta saɓa da alamar amsa a wuri biyar. Ɗaya kuskurenta ne, ɗaya kuskuren alama ne, ukun kuwa tambayoyin ne suke da fuska biyu: ta wasula, da wata a kan jam'i, da wata da ta ce "Ire-iren gaɓa nawa ne a Hausa?" aka sa biyu da uku duka a zaɓi, alhali wanda ya ƙirga buɗaɗɗiya da rufaffiya zai ce biyu, wanda ya ƙirga tsarin baƙi da wasali, da baƙi da dogon wasali ko tagwai, da baƙi da wasali da baƙi zai ce uku. Na kuma samu tambayoyi biyu da jinsi ya tona amsarsu, kamar yadda Malama ta yi hasashe.

Na je wurin malamin da jadawalin a hannuna, ban ce masa takardarsa tana da matsala ba, na ce ina so ya taya ni duba ƙidayata ko na yi kuskure. Ya daɗe yana kallon layin waƙa da babu lamba ko ɗaya a gabansa, sannan ya gaya mini gaskiya cewa an karanta wasan kwaikwayon har ƙarshe, mantawa ya yi da shi wajen tsara tambayoyi, amma waƙoƙin biyu kawai aka taɓa saboda makonnin da aka rasa a zangon da ya wuce. Mun amince a rage tara daga al'ada, a rage na tsarin sauti daga sha uku zuwa bakwai, a ba ginin jumla da fassara uku daga ciki, sauran gurabe goma sha biyu su koma adabi. Inda muka tsaya shi ne waƙoƙin da ba a koyar ba. Shi yana ganin a tsaya kan biyun da aka karanta, ni kuma maganar malamin lissafi tana yi mini nauyi.

Malamin lissafi:
Na karɓi gyaran da aka yi mini a kan Bloom, zan kuma gwada wannan lissafi na sama da ƙasa a takardun ajina, mu da muke da ɗalibai fiye da ɗari a aji uku. Amma a kan waƙa ina nan a kan bakana. Ka sa tambayoyin, ka sanar da yara tun yanzu cewa duk littattafan da aka wajabta za su fito.

Malamar adabi:
Sanarwar mako biyu ba za ta koya wa yaro waƙar da malaminsa bai buɗe masa ba, Malam, musamman waƙa mai cike da kalmomin aro daga Larabci da tsohuwar Hausa. Idan wannan makin yana shiga cikin sakamakon da ake tura wa iyaye, ko ana amfani da shi wajen tantance wanda za a biya wa kuɗin jarrabawa kamar yadda ake yi a wasu wurare, to laifin manya ne za a rubuta a gaban sunan yaro. Abin da zan iya amincewa da shi shi ne a kawo baitocin a rubuce cikin takardar, a yi tambaya a kan abin da ido zai iya gani a cikinsu, kamar amsa-amo da yawan layuka a baiti da ma'anar da ke fili, domin wannan an koya musu shi a waƙoƙi biyun da aka karanta.

Tsohon mai duba takardu:
Shawarar Malama tana rufe rabin giɓin, amma ba ta auna sanin waƙoƙin su kansu, wanda shi ne jarrabawar waje za ta nema, don haka malamin lissafi ma bai rasa hujja ba. Ni da zan yanke, sai na fara sanin abin da za a yi da makin. Shugaban sashe, tambayi shugaban makarantarku gobe da safe ko sakamakon gwajin nan na cikin gida ne kawai ko akwai hukuncin da za a gina a kansa, sannan ka gaya mana makonni nawa suka rage tsakanin gwajin da ranar takardar Hausa ta farko, domin idan sun kai shida, ana iya koyar da sauran waƙoƙin a yi musu ƙaramin gwaji nasu daban.